Hannun gem yana yi a waya amma kwamfuta ba ta ganinsa: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi hannun gem mai aiki da kebul da kuma bulutut. A wayata yana yi lafiya lau. Amma idan na jona shi a laftof ɗina mai Windows 10, fitilarsa tana kamawa, sai dai GTA V ba ya ganinsa sam. Na gwada ta bulutut, nan ma shiru. Na sauke direba har kala biyu, ba abin da ya canza. Hannun ne ya lalace ko kwamfutar ce? Don Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, tunda yana yi a waya to hannun nan lafiyarsa ƙalau, maɓallansa da batirinsa da bulutut ɗinsa duk suna aiki. Kuma don Allah ka dakata da sauke direbobi haka nan. Waɗanda ka riga ka saka ma, in ka san sunayensu, ka cire su ka sake kunna kwamfutar kafin mu fara, don kada su rikita mana bincike.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, kafin gem ya ji ka danna maɓalli, sai saƙon ya wuce matakai uku. Sai ya bi kebul ko iska ya isa kwamfuta. Sai Windows ta gane cewa wannan abin da aka jona hannun gem ne. Sannan sai shi gem ɗin ya yarda ya saurare shi. Ko a wane mataki abin ya tsaya, kai abu ɗaya za ka gani, wato ka danna ba motsi. Amma maganin kowanne daban ne, kuma direba a na biyun kaɗai yake da amfani. Shi ya sa mutane ke shan wahala, suna ta maganin abin da ba shi ke damunsu ba.

Kama fitilar da ka ambata ba ta nuna komai sai cewa wuta ta shiga. Ramin USB yana ba da bolt 5 ga duk abin da aka soka masa, ko ya gane shi ko bai gane shi ba.

Akwai gwaji ɗaya da zai raba mana gardama cikin minti guda. Ka kashe bulutut ɗin wayarka tukuna, zan faɗa maka dalili a gaba. Ka jona hannun da kebul, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta wannan ka danna Enter:

```
joy.cpl
```

Wani ɗan ƙaramin shafi mai suna Game Controllers zai buɗe. Wannan shi ne jerin duk hannuwan da Windows ta gane. Ko dai ka ga sunan hannunka a ciki da OK a gefensa, ko ka ga fili wayam.

Mu fara da in ka ga wayam. A irin hannunka, abin da na fi zargi shi ne kebul. Kebul ɗin USB na ƙwarai siraran wayoyi huɗu ne a cikinsa: ja da baƙa na wuta, fara da koriya na saƙo. Kebul masu arha da yawa, musamman gajerun nan da ke zuwa da fitila mai caji ko ƙaramar sifika, wayoyin wuta biyun kaɗai aka sa musu. Da ido ba za ka bambance ba, kai ɗaya ne, kauri ma wani lokacin ɗaya. Yadda za ka gane shi ne ka jona wayarka da kwamfutar da wannan kebul ɗin. In wayar ta tambaye ka ko za ka tura fayil, kebul yana ɗaukar saƙo. In caji kawai ta kama ta yi shiru, ka ajiye shi gefe ka nemi wani. Kuma ka riƙa kasa kunne, don duk lokacin da Windows ta ji an jona mata sabon abu tana yin ɗan ƙara. Rashin jin wannan ƙarar, alhali sautin laftof a buɗe yake, alama ce babba cewa saƙo bai iso ba.

In kebul mai kyau ne, ka ji ƙarar, amma jerin yana nan wayam, to yanzu ne muka zo kan Windows. Ka sake danna Windows da R ka rubuta:

```
devmgmt.msc
```

Wannan shi ne Device Manager. Ka bar shi a buɗe, ka zare hannun, ka mayar. Za ka ga jerin ya ɗan girgiza, wani layi ya ɓace ya dawo. Wannan layin shi ne hannunka. In yana ɗauke da alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa, ka danna shi sau biyu ka karanta abin da ke ƙarƙashin Device status. Lambobi biyu ne suka fi fitowa, kuma ma'anarsu ta sha bamban. Code 28 yana nufin Windows ta ji sunan abin amma ba ta da direbansa. Code 43 kuwa, wanda yawanci ke zuwa da rubutun Unknown USB Device (Device Descriptor Request Failed), yana nufin Windows ta tambayi abin ko shi wane ne, ba ta samu amsar da za ta fahimta ba. Wannan yawanci ba matsalar direba ba ce. Kebul ne mai rauni, ko ramin laftof ya saki, ko bakin cajin hannun ya fara ɓallewa. Ka canza rami, ka canza kebul, in kana amfani da abin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu ka cire shi ka jona kai tsaye.

Game da direba, gaskiyar magana Windows 10 da 11 suna zuwa da duk abin da hannu na yau da kullum yake buƙata. Windows 7 ce ake saka wa direban hannun Xbox 360 daban. Inda nake ganin direba ya ɓata da gaske wuri biyu ne: kwamfutar da aka sa mata Windows ɗin da aka rage wa kaya don ta yi sauri, wadda masu ragewar suka haɗa har da ɓangaren hannun gem suka cire, sai kuma laftof na hannu da aka yi wa sabuwar Windows aka manta da direban bulutut. Na biyun shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin za ka je, ka sa lambar samfurinsa da ke rubuce a ƙasansa, ka sauke daga can. Manhajojin nan masu alkawarin sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya, ban yarda da su ba, kuma ba na sa wa kowa, don sun fi kawo talla da rikici fiye da gyara.

To amma zatona, da zarar ka samu kebul mai kyau za ka ga sunan hannunka a `joy.cpl`. Ka danna Properties, ka juya analog, ka ga ɗan gicciyen yana yawo cikin akwati, ka danna maɓallai ka ga lambobi suna haske. In haka ta faru, Windows ta gama nata aikin, kebul ya yi nasa, kuma a nan ne ainihin matsalarka take.

Hannuwan gem a Windows yare biyu suke yi. Tsohon shi ne DirectInput, wanda yake tun shekarun 1990. A wannan yaren hannu ba ya cewa komai sai "an danna maɓalli na 1, an danna na 7, an karkata layi kaza". Bai san wanne ne na harbi wanne ne na gudu ba, kuma maɓalli na 1 a hannun wannan kamfani ba lallai ya zama shi ne na 1 a na wancan ba. Shi ya sa tsofaffin wasanni suke sa ka zauna ka jera maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Sabon kuwa shi ne XInput, wanda Microsoft ta kawo a 2005 tare da hannun Xbox 360. Shi tsari ɗaya ne tak: A, B, X, Y, analog biyu, kunamu biyu na baya, kowanne da wurinsa sananne, kuma hannu huɗu ne iyakarsa a lokaci guda. Masu haɗa wasanni sun ga wannan ya fi musu sauƙi, sai da yawansu suka daina sauraron tsohon yaren, ko suka bar shi ga 'yan hannuwa ƙalilan da suka sani da suna. Don haka hannu yana iya zama lafiya garau, Windows tana ganinsa, amma gem ya share shi saboda ba yarensa yake yi ba. Shi `joy.cpl` duka biyun yake nunawa, wannan ne ke ruɗa mutane.

Wanda ya taɓa buga PES 2017 a kwamfuta ya ga wannan da idonsa ko bai lura ba. A cikin jakar wasan akwai `Settings.exe`, a shafin Controller akwai zaɓi tsakanin DirectInput da XInput. Wannan ne dalilin da hannun nan mai arha mai kama da na PS2 yake yi a PES amma a kai shi GTA V ya ƙi.

Hannuwa irin naka, masu yi a waya da kwamfuta, kusan duk suna iya yaren biyu, har ma da na uku na na'urar gem ta Nintendo Switch, amma ɗaya suke yi a lokaci guda, kuma da yawansu suna tuna wanda aka bar su a kai. Tunda a waya ka fara amfani da shi, yana kan tsarin Android, wanda a wurin Windows DirectInput ne. Juya shi kawai za ka yi. Yadda ake juyawa ya danganta da kamfani. Logitech F310 yana da ɗan makunni a bayansa mai X da D. 8BitDo Pro 2 nasa makunnin mai huɗu ne, S, A, D, X. 8BitDo SN30 Pro kuwa ba makunni, sai ka kashe shi, ka riƙe X da Start tare ya tashi a XInput, B da Start na Android ne, Y da Start na Switch. Marasa suna da yawa maɓallin Home ko Mode ake riƙewa na 'yan daƙiƙu har fitila ta canza wuri ko launi. Ba ka faɗi sunan naka ba, don haka ka duba 'yar takardar da ta zo a kwali, ka nemi inda aka rubuta X-input ko PC. In ba takarda, lambar samfurin tana bayan hannun, ka bincika da ita.

Bari in ba ka misalin wani da ya kawo min nasa shago, don lamarinsa ya yi kama da naka sosai. Hannu ne baƙi mara suna, da kebul ɗinsa a naɗe. Da na jona da kebul ɗin, fitila ta kama tana ƙiftawa alamar caji, laftof ko tari. Na ɗauko kebul ɗin da nake tura fayil da shi, nan take ƙarar ta fito. A `joy.cpl` sai ga suna ya bayyana, wani suna na kamfanin da ba wanda ya sani, maɓallai duk suna amsawa. Muka buɗe gem, ko gezau. Sai na koma Device Manager, na tarar da shi a ƙarƙashin Human Interface Devices da sunan HID-compliant game controller, ba kuma wani sashe na Xbox a jerin. Wannan ya nuna min yana kan tsohon yare. Na riƙe Home ina ƙirgawa a zuci, wajen daƙiƙa biyar sai fitilar ta tashi daga ta biyu ta koma ta farko, laftof ya yi ƙarar cirewa, ya sake yin ta jonawa, alhali ban taɓa kebul ba. Wannan ƙara biyun ita ce shaidar an juya, don hannun yana kashe kansa ne ya dawo da wani suna. Sabon sashe ya fito mai suna Xbox 360 Peripherals. Na shiga Properties, shafin Details, na zaɓi Hardware Ids, sai ga wannan:

```
USB\VID_045E&PID_028E
```

Lambar farko ta Microsoft ce, ta biyun ta hannun Xbox 360 mai kebul. Wato hannun yana gabatar da kansa a matsayin na Xbox, Windows kuma ta ba shi direban da take da shi tun asali. Muka rufe gem ɗin gaba ɗaya muka sake buɗewa, da ya taɓa maɓalli sai alamomin allo suka koma A da B. Ka lura da wannan na ƙarshen: wasu wasannin a lokacin tashi kaɗai suke duba ko akwai hannu, saboda haka ka saba da jonawa kafin ka buɗe.

Wannan lambar tana da amfani ko ba a juya ba. In ka ga `VID_0079&PID_0006` ko `VID_0810&PID_0001`, waɗanda ke fitowa da suna irin Generic USB Joystick da Twin USB Joystick, to hannun nan ne mai arha wanda DirectInput kaɗai ya iya, ba wani maɓalli da zai juya shi. Shi maɓallin Analog da ke tsakiyarsa wani aiki ne daban: in jar fitilarsa a kashe take, analog ɗin hagu kwaikwayon maɓallan kibiya kawai yake yi, don haka ka tabbata tana kunne. In kuma ka ga `VID_054C`, na Sony ne ko mai kwaikwayonsa. Hannun PS4 da na PS5 Windows tana ganinsu ba tare da an saka komai ba, amma su ma ba XInput suke yi ba, sai gem ɗin da aka gina shi ya san su da kansa.

Irin waɗannan sai an sa musu tafinta a tsakani, wato manhajar da za ta karɓi saƙon hannun ta ƙirƙiri hannun Xbox na ƙarya ta miƙa wa gem. In ta Steam, manhajar nan ta saye da buɗe wasannin kwamfuta, kake buɗe wasanka, ba ka buƙatar komai, ka shiga Settings, Controller, ka kunna tallafin irin hannunka. Wasan da ba na Steam ba ma ana iya ƙara shi ta Add a Non-Steam Game, muddin daga cikin Steam za ka riƙa buɗe shi. Na PS4 da PS5 akwai DS4Windows, marasa suna kuma akwai x360ce. Shi x360ce ka san wanne ka sauke: samfuri na 3 a cikin jakar gem ake ajiye shi, kuma dole ya dace da gem ɗin, GTA V mai bit 64 ne, mai bit 32 ba zai yi masa ba. Na 4 kuwa a gefe yake zama, sai dai a bar shi a buɗe muddin ana wasa. Sharaɗi ɗaya da ba na sassautawa a kai: tafinta ɗaya tak. In ka haɗa Steam da DS4Windows a kan hannu ɗaya, ko gem ya ga na gaske da na ƙarya tare, za ka danna ƙasa sau ɗaya ya tsallake layi biyu, ko a wasan ƙwallo ka ga hannu biyu sun bayyana alhali ɗaya ne a gabanka. Manhajar HidHide ita ce ke ɓoye na gasken ta bar na ƙaryar.

Sai bulutut. Dalilin da na ce ka kashe na wayarka shi ne, hannu yana komawa ne ga na'urar da ya haɗu da ita ta ƙarshe. Kana kunna shi, wayar da ke aljihunka ta cafke shi, fitila ta tsaya cak, kai kana can kana jiran laftof ya gan shi. Kuma kunnawa daban, shiga neman sabuwar na'ura daban. Sai ka riƙe maɓallin haɗawa har fitila ta koma ƙiftawa da sauri. A hannun PS4 Share da PS ake riƙewa tare, a na PS5 Create da PS, na PS4 zai fito a jerin da sunan Wireless Controller. A Windows 10 hanyar ita ce Settings, Devices, Add Bluetooth or other device, sannan Bluetooth. Bayan an haɗa ka duba abin da aka rubuta a ƙasan sunan. Connected shi ne yana aiki yanzu, Paired yana nufin an san juna kawai amma ba a haɗe ake ba. In ka juya hannun daga wani yare zuwa wani, ka yi Remove device ka haɗa sabo, don a wurin Windows ya zama wata na'ura daban.

Wani abin da ya kamata ka sani tun yanzu, don kada ka ɓata dare a banza: hannuwa masu arha da yawa ba sa yin XInput ta bulutut. Ta kebul ko ta ɗan risiban da ake sokawa a USB kaɗai suke yi. In naka ya yi daidai da kebul amma ta bulutut ya tsaya a `joy.cpl` gem bai gan shi ba, ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi, sai ka haɗa da Steam ko x360ce. Su ma na Xbox na asali ba duka ke da bulutut ba. Na Xbox One na farko ba shi da shi, sai daga wanda ya fito da Xbox One S a 2016. Na Xbox 360 mara kebul kuwa ba ya bulutut sam, kuma kebul ɗin cajinsa ba ya ɗaukar saƙo, risibansa na musamman yake buƙata.

In ka tambaye ni wanne za ka zaɓa, ni kebul nake fifitawa ga mai zama dab da laftof, don ba batun batir, ba yankewa, kuma da shi ake gano gaskiyar kowace matsala. Bayansa sai risiba, sannan bulutut a ƙarshe. Risiba da bulutut duk a zangon gigahaz 2.4 suke aiki, inda wayifai ma yake, kuma ramin USB 3.0, mai shuɗin ciki, yana fitar da hayaniya a daidai wannan zangon idan an jona masa filash ko hadis yana aiki. In hannu mara kebul yana yankewa ko yana jinkiri, ka mayar da risiban baƙin rami, ko ka sa masa ɗan kebul na ƙari ya yi nesa da jikin laftof. In kuma yana mutuwa ne bayan ka ɗan ajiye shi, ka duba Power Management a Properties na bulutut ɗin ko na USB Root Hub, ka cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. Batir mai rauni ma yana kawo irin wannan yankewar, ka cika shi kafin ka zargi wani abu.

Lokacin da za ka ce laifin jikin hannun ne shi ne in ka gwada kebul biyu da ka tabbatar suna tura fayil, a kwamfuta biyu daban, duk ko dai shiru ko Code 43. Ko a nan ɗin ma yawanci bakin cajin ne, musamman ƙaramin nan irin na tsofaffin wayoyin Android, ƙafafun saƙonsa ke ɓallewa daga allo su bar na wuta, shi ya sa yake caji amma ba ya magana. Ka ɗan motsa kan kebul ɗin a hankali yana jone, in ka ji ƙarar jonawa da cirewa tana ta maimaituwa, to shi ne. Mai gyaran waya zai iya sake liƙa shi da dalma ko ya canza bakin gaba ɗaya, sai dai ka gaya masa ba caji kaɗai kake so ba, ya gwada maka a kwamfuta kafin ya rufe.